Fassara jawabin maraba na ranar suna

Tambaya: Zan fassara jawabin mahaifina zuwa Turanci ranar sunan ɗana, saboda wasu baƙin ba sa jin Hausa. Yaya zan yi da addu'o'in?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka bar "Allah ya raya" da Hausa, sannan ka bayyana wa baƙin sau ɗaya cewa roƙo ne na tsawon rai da albarka ga jaririn, domin fassarar kalma da kalma takan rage mata nauyi. Ka roƙi Baba ya riƙa tsayawa bayan kowace jimla biyu, amma kada ka fara fassara sai jama'a sun gama cewa amin, in ba haka ba muryarka za ta ɓace. Sunan jaririn kuwa, ka faɗe shi a hankali yadda liman ya raɗa shi.