Alhaji ya ce "to" ya yi shiru: in sake rage kuɗin?

Tambaya: Malam, ina da buhu 40 na farin wake da nake so in sayar wa wani Alhaji a kasuwar Dawanau. Na gaya masa buhu naira 95,000, ya ce "to", bai ƙara ba. Da na ji shiru kwana biyu sai na tura masa saƙo cewa na bar masa a 92,000. Amsarsa kawai "na gani". Yau kwana uku ke nan. In ƙara ragewa ne, ko in nemi wani? Daga wani mai karatu a Gaya.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sake rage ko sisi sai ya taya. A ƙa'idar ciniki, mai kaya ya faɗi kuɗinsa, mai saye ya taya, sannan a ce albarka ko a sallama. Alhaji bai taya ba tukuna, ke nan da kanka kake ciniki. Ragin 3,000 a buhu 40 naira 120,000 ne, kuma ka bayar da su ba tare da an roƙe ka ba. Abin da ya fi damuna shi ne ka nuna masa cewa in ya yi shiru kwana biyu farashi zai sauka, don haka ba shi da dalilin yin magana da wuri.

Shirun babban ɗan kasuwa ba iri ɗaya ba ne. Wani yana son kayan, amma kuɗinsa na hannun wanda ya kai wa kaya Legas ko Anacha, kuma girmansa ba zai bar shi ya ce maka ba shi da kuɗi a hannu ba. Wani yana haɗa lodin mota ne, yana jiran jin farashin wasu mutum biyu ko uku kafin ya zaɓa. Wani kuma ba ya so sam, kunya ce ta hana shi cewa a'a, musamman in mutumin kirki ne ya haɗa ku. Sai na huɗu, wanda ya san kana da matsuwa, yana jira ka gaji.

Hanyar ganewa ita ce ka duba abin da ya tambaya, ko da sau ɗaya ne. Mai son kaya yakan nemi samfur, ya ɗebi waken a tafin hannu ya duba ko ƙwaro ya huda shi, ya tambayi ko na bana ne, buhun kilo nawa ne, wa zai biya kuɗin mota da 'yan dako. In ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, cinikin na da rai. In kuwa daga "to" sai "za mu yi magana", bai aiko yaronsa ya ga kaya ba, to ka fara neman wani tun yau.

Ka daina tura saƙon waya, ka kira shi, ko ma ka taka har rumfarsa da safe kafin kasuwa ta cika. Bayan gaisuwa ka ce: "Alhaji, a kan waken nan ne, nawa ka taya?" Daga nan ka kama bakinka. Zai iya juyawa ya amsa waya, ya sallami wani, ya bar ka zaune minti biyar. Wannan zaman ne yake kayar da masu sabon shiga, sai ka ji sun ce "ko 90,000 ma babu komai". Ka daure har ya faɗi adadi. In akwai dillalin da ya haɗa ku, ka fara tuntuɓarsa, domin la'adarsa na rataye da cinikin, kuma sau da yawa ya san ko kuɗi Alhaji ke jira.

A ce ya taya 88,000. Yanzu kuna da iyaka biyu, 88,000 da 92,000, kuma duk ragin da za ka yi ka haɗa shi da sharaɗi: ka sallama a 90,000 in zai biya nan take, kuma kuɗin ɗaukar kaya shi zai biya. In ya ce sai mako mai zuwa, ya ba da kafin alƙalami a gaban shaida, a sa ranar cikawa.

Tsawon jiran da za ka iya yi kuwa waken ne zai gaya maka. In yana cikin buhu mai ninki uku da iska ba ta shiga, kuma ya bushe sosai, zai yi watanni lafiya. In buhun gama-gari ne, ƙwaro na iya fara cinsa cikin 'yan makonni, kuma wake mai huji kuɗinsa faɗuwa yake. A wannan hali ka sa wa'adi na gaskiya, cikin ladabi: "Alhaji, kai na fara kawo wa, zan riƙe maka zuwa Alhamis da la'asar, in ban ji ka ba zan nemi izininka in sayar." Kada ka ƙirƙiro wani mai saye na ƙarya don ka tsorata shi, domin dillalan layin wake sun san juna, kuma kira ɗaya zai tona maganar. Alhamis ɗin in ta zo bai kira ba, ka sanar da shi sannan ka kai wa na gaba a 95,000 ɗinka na farko, in har farashin kasuwar ranar bai sauka ba.