Na kwashe kayana zuwa D, zan iya saka Linux hankali kwance?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗina ta 2013 ce, ram giga 4, faifan ajiya giga 500, Windows 10 ke kanta. Ta yi nauyin da sai na kunna ta na tafi wani aiki na dawo kafin ta gama buɗewa. Ina son in saka mata Linux marar nauyi amma in bar Windows saboda wata manhajar aiki. Tsorona takarduna na shekara takwas da hotunan marigayi mahaifinmu. Mai gyara ya ce in kwashe komai zuwa D, wai ko me ya faru C kaɗai zai shafa. Na kwashe. In ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Dakata tukuna, kada ka ci gaba. Abin da kake son yi mai yiwuwa ne, kuma injin mai ram giga 4 zai ɗauki Linux Mint Xfce ko Lubuntu ba wahala. Amma shawarar da aka ba ka ita ce ta fi cinye wa mutane kaya a wannan aikin, kuma na gaji da jin ta daga bakin waɗanda ya kamata su fi kowa sani.

C da D da kake gani ba faifai biyu ba ne. Faifai ɗaya ne aka ja masa layi a tsakiya, kamar ɗaki ɗaya da aka raba da labule. Wanda ya kai akwatinsa bayan labule bai fitar da shi daga ɗakin ba, in rufi ya rufto duka zai danne. Ka duba da idonka: danna maɓallin Windows da R, ka rubuta `diskmgmt.msc`. Za ka ga layi ɗaya mai suna Disk 0, girmansa wajen 465 GB, C da D kwance a kai kafaɗa da kafaɗa, da wasu ƙananan yankuna marasa harafi waɗanda Windows ke tashi da su. Wannan layin shi ne duk abin da ka mallaka.

Na san inda maganar ta samo asali. Masu gyara sun shekara suna yi wa C fomat su sake saka Windows, D kuma ya tsira, domin manhajar saka Windows tana tambayar yankin da za ta taɓa. Sai suka ɗauka D wani sansani ne da ba a cinsa da yaƙi. To Linux bai san wani C ko D ba. Shi faifan gaba ɗaya yake kira `sda`, yankunan kuma `sda1`, `sda2`, `sda3`, haka har ƙarshe. D ɗinka zai iya zama `sda4` ko `sda5`, ba harafi, ba wata alamar da ke cewa akwai hotunan mahaifi a ciki. Kuma a shafin da ake zaɓen yadda za a saka shi akwai layin da ke cewa `Erase disk and install Linux Mint`. Kalmar da ke wurin faifai ce, ba yanki ba. Wanda ya karanta ta da tunanin "ai C za a goge" ya danna, ya share teburin da ke riƙe da iyakokin yankunan duka, an shimfiɗa sabon tsari a kai daga farko har ƙarshe.

An taɓa kawo mini irin wannan. Mai injin ya ajiye jaka a kan teburina, bai ko zauna ba, ya ce D ɗinsa ne ya ɓuya, in taimaka in fito masa da shi. Na buɗe, na ga yanki ɗaya ƙato na Linux ya cinye faifan. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce kwana tara, kuma yana ta aiki da ita domin wanda ya saka masa ya ce D zai dawo da kansa bayan sabuntawa. Kowane fayil da ya sauke a kwanakin nan tara a kan tsofaffin takardunsa ya sauka. Mun sa PhotoRec, manhajar ceto fayilolin da aka goge, ya kwana yana tono. Ya fito da dubban hotuna marasa sunayensu na asali, marasa folda, wasu rabi hoto rabi toka. Mai gyaran da ya jawo wannan har gobe yana nan yana ba mutane shawarar D, kuma in ka yi masa magana sai ya ce ai Linux ne ba shi da kyau. Saboda haka duk wanda ya riga ya faɗa wannan rami, ya kashe injin nan take, kada ya sake kunna ta daga wannan faifan sai a hannun wanda ya iya ceton bayanai.

Akwai kuma hanya ta biyu da D ke tafiya ko da ba ka danna kuskure ba. Faifan da ya haura shekara goma yana juyawa, shi kansa abin zargi ne a wannan nauyin da kake kuka da shi. Faifai mai ciwo yakan karanta wuri ɗaya sau da yawa kafin ya samu, sai injin ya tsaya cik, fitilar faifan a kunne ba ƙyaftawa. Rage girman yanki da saka sabon tsari aiki ne mai wahalar da faifai, kuma a irin wannan lokacin ne mai ciwo ke ƙarasawa. Ka sauke CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ka buɗe. In ya nuna `Good`, madalla. In ya nuna `Caution`, musamman a layin `Reallocated Sectors Count` ko `Current Pending Sector Count`, to maganar Linux ta tsaya, abin da kake bukata sabon faifai ne, kuma SSD ya fi.

Ajiya ta gaskiya ita ce wadda za ka iya zarewa ka sa a aljihu. Ka samo faifan waje ko filasha mai girma, ka kwafi komai. Bayan ka gama, ka danna dama a kan foldar asali da kwafin, ka duba `Properties`, ka ga ko adadin fayilolin ya zo ɗaya. Sannan ka kai kwafin wata kwamfuta ka buɗe hotuna goma, takardu goma, daga foldoji daban-daban. Na sha ganin wanda ya kwafi gajerun hanyoyin da ke kan allo, masu 'yar kibiyar nan a gefe, ya tafi yana murna ya yi ajiya. Ranar saka Linux kuma wannan faifan waje kada ya kasance a jone da injin, domin shi ma zai fito a jerin faifan da za a iya gogewa.

Daga nan sauran aikin ba shi da tsawo. A cikin Windows ka buɗe `msinfo32` ka dubi layin `BIOS Mode`. Zai nuna hanyar da injin ke tashi, ko dai `UEFI` ko `Legacy`, ka rubuta a takarda. Sai ka buɗe Command Prompt a matsayin mai iko, wato ta `Run as administrator`, ka rubuta:

```
powercfg /h off
```

Wannan yana kashe abin da ake kira Fast Startup. Windows 10 in ka ce ya mutu ba ya mutuwa sosai, barci yake yi ya bar yankunansa a rufe rabi da rabi, kuma Linux in ya tarar da su haka ba ya yarda ya yi rubutu a kansu, wani lokaci ma manhajar sakawar ta kasa gane Windows ɗin. In faifanka na da BitLocker, wato kullen sirrin da Windows ke yi wa faifai, ka nemi lambar cetonsa ka ajiye kafin ka taɓa komai.

Ka bar Windows ya rage kansa da kansa. A `diskmgmt.msc`, danna dama a kan C, zaɓi `Shrink Volume`, ka rubuta 61440, wato giga 60. Masu Mint sun ce giga 20 shi ne mafi ƙaranci, amma wanda ya tsaya a nan zai cika shi kafin ya saba da wurin. Filin da ya fito zai nuna `Unallocated` da baƙin layi. Ka bar shi haka, kada ka yi masa fomat, kada ka ba shi harafi.

Ka rubuta Linux ɗin da manhajar Rufus a wata filasha daban, ba ta ajiyarka ba, ka zaɓi tsarin GPT in takardarka ta ce UEFI, MBR in ta ce Legacy, ka tayar da injin daga filashar ta wannan hanyar dai. Kada ka yi gaggawar sakawa. Tsarin yana aiki daga filasha ba tare da ya taɓa faifanka ba, don haka ka gwada wayifai, sauti da madannai tukuna. Tsofaffin injina masu katin wayifai na Broadcom sukan bukaci ka jona wayar intanet sau ɗaya ka ɗauko direba ta Driver Manager.

Layin da kake nema a shafin zaɓi shi ne mai farawa da `Install Linux Mint alongside`, sunan Windows na biye. In ka gan shi, yawanci zai ɗauki filin da ka ware, kuma kafin ya rubuta komai zai nuna maka yankunan da zai yi wa fomat. Ka karanta wannan allon da kyau. In ba ka ga layin ba, ka fita. A daidai nan ne masu gyaran ganin dama ke cewa "ai babu wani zaɓi" su danna na gogewa. Rashin layin yana da dalili. Ko ka tayar da filashar ta Legacy alhali Windows na UEFI ne, ko Windows na barci har yanzu, ko kuma faifanka na tsarin MBR ne wanda ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu. Injin irin naka mai Legacy yakan riga ya cika huɗun: ɗan yankin tashi, C, yankin ceto, da D. Alamarsa ita ce filin giga 60 ɗin ya fito da sunan `unusable`. Maganinsa a cire yanki ɗaya a mai da wurin babban yanki mai 'ya'ya a ciki, kuma wanda ya fi sauƙin cirewa, ka ji abin mamaki, D ne. Wannan kam ka sa wanda ya taɓa yi ya zauna kusa da kai.

Bayan an gama, kowace kunnawa za ka ga jerin GRUB yana tambayar wanne za ka shiga. Ka shiga Windows tun a ranar ka tabbatar yana tashi. Zai iya yin binciken faifai sau ɗaya, ka bar shi ya gama. In ka ga agogonsa ya kauce da awa ɗaya ko fiye bayan ka fito daga Linux, ba lalacewa ba ce, tsarukan biyu ne ba su karanta agogon injin iri ɗaya. Wannan umarnin a Linux yana daidaita su:

```
timedatectl set-local-rtc 1
```

Kada kuma ka sa ran mu'ujiza. Injin zai tashi da wuri, foldoji za su buɗe ba jira, amma burauza mai shafi ashirin a buɗe za ta cinye giga 4 a kowane tsari take. Windows ɗin da ka bari kuma zai ci gaba da nauyinsa yadda ka san shi, ga shi tallafinsa na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Ka riƙa shigarsa don manhajar aikin nan kawai, harkar banki da imel ka mai da su ɓangaren Linux. In ka samu hali ka rubuto mini abin da CrystalDiskInfo ya nuna da abin da ke layin `BIOS Mode`, sai in faɗa maka ko injinka na cikin masu matsalar yanki huɗu.