Tikiti biyu a rarrabe ko tikiti ɗaya: wa zai ɗau nauyi in jirgin farko ya makara?

Tambaya: Tafiyata sai na canza jirgin sama a hanya. Na ga in na sayi tikiti biyu daban-daban zan samu rangwame. Jirgin farko zai sauka ƙarfe 2:00 na rana, na biyu zai tashi 4:30 zuwa wata ƙasa, kuma ina da akwati. In na farkon ya makara, wa zai ɗau nauyina?

Amsa: 'Yar'uwa, da wannan tazarar ki sayi tikiti ɗaya. Tikiti alkawari ne tsakaninki da kamfanin jirgi. In guda ne, alkawarin shi ne a kai ki har inda za ki. Jirgin farko ya makara kika rasa na biyu, su za su saka ki a jirgi na gaba ba tare da kin ƙara kuɗi ba, sau da yawa har da abinci da makwanci, gwargwadon dokar wurin da dalilin jinkirin. In biyu ne kuwa, kamfanin farko ya sauke nauyinsa da zarar ya dire ki a tashar tsakiya. Na biyun bai san da wani jirgin da kika hau ba, a wurinsa ke fasinja ce da ba ta zo ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, idan tikitin na zuwa da dawowa ne, galibi sukan soke har dawowar.

Mu lissafa sa'o'i biyu da rabin nan naki. Jirgi ya sauka 2:00 daidai. Kafin ki fito ki isa zauren tasha, a ce minti 20. Tun da tikitin daban ne, da wuya a wuce miki da akwati, don haka sai kin bi layin jami'an shige da fice, a ce minti 40, sannan ki tsaya jiran kaya minti 30. Ƙarfe 3:30 ke nan. Yawancin kamfanoni kan rufe karɓar kaya na jiragen da ke zuwa wata ƙasa kamar awa ɗaya kafin tashi, wato 3:30 ɗin dai. Kin ga ko jirgin farko bai makara ba, a bakin rufewa za ki iso. Amma da tikiti ɗaya, ko ya sauka 3:00, galibi akwatin yana wucewa da kansa, katin shiga jirgi na biyu yana hannunki tun daga farko, ke dai binciken tsaro za ki bi ki nufi ƙofar jirgi.

Ga kuma biza. Ɗaukar akwati yana nufin shiga ƙasar da kika yada zango, kuma in ba ki da izinin shigarta, ana iya hana ki hawa jirgin farko tun daga tushe.

Za ki ji ana cewa ai akwai doka, kuma gaskiya ne. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkiri ya jawo a tafiyar ƙasa da ƙasa, sai in ya nuna ya yi iya bakin ƙoƙarinsa. Sai dai wannan neman diyya ne bayan tafiya, da rasidai da dogon jira, ba zai sama miki kujera a daren ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ma, da ke biyan Yuro 250 zuwa 600 in an iso a makare da sa'o'i uku ko fiye, tana duba lokacin isa tashar ƙarshe ne kawai in a haɗe aka yanki tafiyar.

Kafin ki biya, ki tabbatar wane iri ake sayar miki, domin biya sau ɗaya ba ya nufin tikiti ɗaya. Wasu dillalai kan haɗa tikiti biyu su nuna su kamar tafiya guda. In kin ga an rubuta self-transfer, to a rarrabe suke. In an fitar da tikitin, ki duba lambarsa mai alƙaluma 13, wadda ukun farkonta ke nuna kamfanin da ya yanke shi. Jiragen biyu su kasance a ƙarƙashin lamba ɗaya. Lokacin miƙa akwati kuma ki karanta takardar da aka liƙa masa, ki ga tashar ƙarshe ce a jiki.

In rangwamen yana da yawa sosai kuma kin zaɓi rarrabewa, ki canza jirgin farko zuwa na sassafe ko na daren da ya gabata, ki kwana a can. Sai ki cire kuɗin makwancin daga rangwamen, ki kwatanta abin da ya rage da farashin sabon tikiti a ranar tafiya, domin shi za ki biya daga aljihunki in jirgin ya tashi ya bar ki.