Da-na-sani a Turanci: yaushe ake cewa *would be*, yaushe ake cewa *would have been*?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida daga unguwar Gwale, ina shirin rubuta WAEC da JAMB. A gwajin da aka yi mana an kawo *If Audu had listened to his uncle, he ___ a tailor today.* Na zaɓi *would have been* domin an koya mana cewa shi ke bin *had*, sai aka ce kuskure ne, wai *would be* ne daidai. Sannan na kasa gane bambancin *I wish I knew* da *I wish I had known*. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙa'idar da aka koya miki gaskiya ce, amma rabinta aka ba ki. Tana aiki ne idan sharaɗin da sakamakonsa duk sun wuce. A jimlar da aka kawo muku kuwa, kalmar *today* ta janyo sakamakon zuwa yau, ta bar sharaɗin a baya.

Mu fara daga gida, domin Hausa tana da irin wannan maganar. Muna cewa "da Audu ya ji maganar kawunsa, da ya samu kuɗi da sallar bara", kuma muna cewa "da Audu ya ji maganar kawunsa, da yanzu tela ne". Farkon jimlolin biyu ɗaya ne, ƙarshensu ne ya bambanta: ta farko tana nadamar abin da aka rasa bara, ta biyu tana nadamar halin da ake ciki yau. Mu "da" guda biyun nan ne suke ɗaukar mana nauyin nuna cewa abin bai faru ba. Turanci ba shi da kalma irin wannan. *If* ɗinsa shi ne "idan", shi ne kuma "da", saboda haka a jikin aikatau yake nuna bambancin. Dabararsa ita ce ya ja aikatau baya da taki ɗaya daga ainihin lokacin da ake nufi.

Kin san kowane aikatau na Turanci yana da siga uku da ake haddacewa, kamar *know, knew, known* ko *go, went, gone*. In abin da ake buri ko ake ƙaddarawa na yanzu ne, sai a ɗauki siga ta biyu, wadda littattafanku ke kira *past simple*. Idan kuwa abin ya riga ya wuce, siga ta biyun ma ba ta isa ba, sai a ƙara ja baya, a sa *had* tare da siga ta uku, wato *past perfect*. Shi ya sa *knew* a irin waɗannan jimloli ba ya nufin jiya, yau yake nufi. Nan ne akasarin ɗalibai ke yin tuntuɓe, domin tun firamare an dasa musu cewa siga ta biyu ta jiya ce.

To, mu bi labarin Audu daki-daki. A ce a 2020 kawunsa mai shagon ɗinki a Fagge ya kira shi ya zo ya koyi sana'a, ya ƙi. Yau ga shi yana zaman kashe wando a bakin layi. Kafin ki rubuta komai, ki fitar da gaskiyar lamarin a jimloli biyu, ki sa wa kowace lokacinta. Ta farko: bai ji maganar kawunsa ba, wannan a 2020 ne, ya wuce. Ta biyu: shi ba tela ba ne, wannan yau ne. Sai ki gina kowane ɓari da lokacinsa, kada ki bar ɗaya ya zaɓar wa ɗaya. Ɓarin sharaɗi ya wuce, don haka *had listened*. Ɓarin sakamako na yau ne, don haka *would* da siga ta farko:

*If Audu had listened to his uncle, he would be a tailor today.*

Yanzu ki canza gaskiya ta biyu kawai. A ce abin da ke damunsa shi ne kuɗin ɗinkin sallar bara da ya wuce shi, lokacin da telolin Fagge ke kwana a kan keke. Sakamakon ya koma baya, sai ƙa'idar da kika sani ta dawo:

*If Audu had listened to his uncle, he would have made a lot of money last Sallah.*

Idan kika sa *would have been* a jimlar gwajinku, kunnen mai Turanci zai ji kamar kina maganar telancin da aka yi aka gama, ko kuma Audun da ba ya raye, sai kuma ga *today* ta zo ta yi karo da shi. Ba zan ɓoye miki ba, a baki za ki ji mutane suna faɗar haka, har da masu ilimi. Amma a jarrabawa, muddin kin ga *now*, *today* ko *still* a ɓarin sakamako, kuma *would be* yana cikin zaɓi, shi ake nema. Ki lura da *by now* kawai, domin ita tana nufin abin da ya kamata a ce ya kammala kafin yanzu, don haka *he would have finished by now* daidai ne.

Haɗin yana iya juyawa, sharaɗi ya zama na yanzu, sakamako ya zama na baya. Wannan yana zuwa ne idan sharaɗin hali ne ko yanayi da har gobe yana nan. Wanda ya je wa'azin da aka yi da Larabci jiya, ya fito bai tsinci komai ba, da Hausa zai ce "da ina jin Larabci, da na gane". Rashin jin Larabcin bai tsaya a jiya ba, yana tare da shi har yanzu, don haka siga ta biyu za a sa masa: *If I spoke Arabic, I would have understood the lecture yesterday.* Kin ga Hausar ma ta bambance, "da ina ji" ta ce, ba "da na ji" ba. Ki riƙa saurarenta, tana yi miki rabin aikin.

Batun *wish* kuwa, shi ne "ina ma a ce" ko "da ma" ɗinmu, kuma ja-da-bayan nan dai yake bi. *I wish I knew the answer* maganar wadda ke zaune a ɗakin jarrabawa ce, biro a hannu, takarda a gabanta, amsa ta ƙi zuwa: ina ma a ce na sani yanzu. *I wish I had known the answer* maganarta ce bayan ta fito, tana cikin adaidaita sahu a hanyar gida, ta buɗe littafi ta ga amsar. Wannan ta biyun ita ce ainihin da-na-sani, wadda Bahaushe ya ce ƙeya ce. Shi kansa *wish* ɗin yana nan a sigar yanzu a duka biyun, domin yanzu ake jin zafin. Aikatau da ke biye da shi ne ke faɗin lokacin abin da ake nadama. *If only* ma haka take aiki, sai dai ta fi nuna ƙunar rai.

Akwai tarko guda da nake so ki daɗe a kansa, shi ne kalmar *had* ita kanta. Dubi waɗannan biyu daga bakin Audu:

*I wish I had a shop.*
*I wish I had opened a shop.*

Duka suna da *had*, amma lokacinsu daban. A ta farko abin da ke bin *had* suna ne, shago, don haka *had* ɗin siga ta biyu ce ta *have* mai ma'anar mallaka, kuma maganar ta yau ce: ina ma ina da shago. A ta biyu siga ta uku ce ke bin sa, *opened*, don haka maganar ta wuce: ina ma na buɗe shago tun wancan lokaci. Kada ki yanke hukunci da ganin *had* kaɗai, ki duba maƙwabcinsa na dama. Idan mallakar ce ta wuce, dole a jera biyu, *I wish I had had the money then*, kuma ba tuntuɓen alƙalami ba ne. Haka abin yake a ɓarin sakamako: *he would have a shop now* na yau ne, *he would have bought a shop* na baya ne.

Sauran kurakuran gajeru ne. Ba a sa *would have* a ɓarin da *if* yake, don haka *if I would have known* ba ya wucewa a rubutu. Bayan *had* siga ta uku ce, *had gone* da *had known*, ba *had went* ko *had know* ba. Ana iya cire *if* a juya, a ce *Had I known*, in kuma da korewa a ce *Had he not refused*, ba a dunƙule shi zuwa *hadn't* a nan. A sharaɗi ko buri na yanzu, ki rubuta *were* ko da mutum ɗaya ne, *I wish I were older*. *Was* ana jin sa a hira, amma mai duba takarda *were* ya fi so. Ɗaya kuma da ke ba ni tausayi saboda niyyar mai faɗarsa kyakkyawa ce: ɗalibi ya rubuta wa abokinsa *I wish you pass*. Abin da har yanzu ake sa ran zai yiwu *hope* ake sa masa, *I hope you pass*. *Wish* mai jimla a bayansa na abin da ba haka yake ba ne.

A JAMB kuma za ki haɗu da tambayoyin da ake ba da jimla a ce ki zaɓi ma'anarta. Nan sai ki bi hanyar da muka bi da Audu, amma daga ƙarshe zuwa farko. A ce an ba ki *If Ladi hadn't missed the bus, she would be in Zaria now.* Ki kife kowane ɓari, mai korewa ya zama tabbaci, mai tabbaci ya zama korewa, sannan ki matso da aikatau gaba da taki ɗayan da aka ja shi. *Hadn't missed* ya zama *missed*: mota ta tafi ta bar ta, wannan ya faru. *Would be* ya zama *is not*: a wannan lokaci ba ta Zariya. Duk zaɓin da ya ce ta isa Zariya, ko ya ce mai yiwuwa motar ta bar ta nan gaba, ki soke shi. Ki gwada wannan da jimloli biyar daga tsofaffin takardun jarrabawa, kina rubuta "ya wuce" ko "yanzu" da fensir a saman kowane ɓari kafin ki kalli zaɓin. Allah Ya ba da sa'a.