Baƙar fata, rana da folet: amsoshin likita

Wata ɗaliba daga Zariya: Likita, malaminmu ya ce mutanen Afirka sun zama baƙaƙe ne don kada rana ta jawo musu sankarar fata. Iyakar dalilin ke nan?

'Yata, malaminki bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba ki rabin zance ne. Bari mu fara da ita kanta fatar. A ƙasan fatar sama akwai ƙwayoyin halitta masu sarrafa wani launi da ake kira melanin. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bahaushe da Bature. Bambancin yana wajen yawan launin da suke fitarwa da irinsa. Namu suna fitar da mai yawa, mai duhu, su raba shi ga ƙwayoyin fata da ke kewaye, ya zauna a saman cibiyar kowace ƙwaya kamar malafa a kan manomi.

Abin da malafar take tarewa shi ne wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, ana ce masa altirabayolet. Kada ki haɗa shi da zafi, domin ko ranar da ake iska mai sanyi yana sauka. A kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, rana tana bi ta tsakar ka kusan duk shekara, haskenta yana ratso iska ta gajeriyar hanya, sai ya iso ƙasa da ƙarfinsa. Idan aka nausa arewa ko kudu mai nisa, a karkace yake zuwa, iska ta rage masa kaifi.

Matsalar bayanin sankara ita ce yawanci tana kama mutum ne bayan ya manyanta, ya riga ya haifi 'ya'yansa. Ki tuna yadda manomi yake ajiye iri. Geron da ya jure fari ya yi zangarniya, shi ake shukawa baɗi, wanda ya ƙone kafin ya fitar da kai kuwa ba ya barin komai. Haka siffar jiki take yaɗuwa a cikin zuriya: sai ta shafi haihuwa. Cutar da ke zuwa a shekara 60 ba ta hana mutum barin jikoki.

Nan ne folet ya shigo. Shi ne bitamin B9, kuma jiki ba ya iya ƙera sababbin ƙwayoyin halitta ba tare da shi ba. Inda ake rabuwar ƙwayoyi da sauri, nan aka fi buƙatarsa: ɓargo mai yin jini, maniyyin namiji, sai kuma ɗan tayi a makonninsa na farko. Shi kuma folet ba ya shiri da haske. A shekarar 1978 wasu masu bincike biyu a Amurka, Branda da Eaton, suka sa ruwan jinin mutum a ƙarƙashin haske irin na rana mai ƙarfi, cikin awa ɗaya kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na folet ɗin ya lalace. A jikin mutum, ƙananan jijiyoyin jini suna kwance dab da saman fata, kuma wani nau'in altirabayolet da ake kira A yana iya kutsawa har inda suke, idan babu melanin da zai shanye shi a hanya.

A shekarar 2000 Nina Jablonski da George Chaplin suka ɗauko ma'aunin altirabayolet da tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ya tattara, suka jera shi da launin fatar al'ummomin da suka daɗe a mazauninsu. Taswirar biyu suka hau kan juna. Dinka da Nuwer na Sudan ta Kudu, mutanen kudancin Indiya, 'yan tsibiran Melanesiya, duk suna da duhun fata, ko da yake nisan da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ne. Mutanen San na kudancin Afirka kuwa, da suke nesa da ikwaita, sun fi su haske. Bayanin da suka kawo shi ne, lokacin da magabatan ɗan'adam suka rasa gashin jiki suka koma sanyaya kansu da gumi a filin Afirka, fata ta zauna a buɗe. Waɗanda suka fi duhu suka fi riƙe folet, cikin matansu ya fi tsayawa, jariransu suka fi zuwa lafiya. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna wannan duhun ya kafu kimanin shekara miliyan ɗaya da dubu 200 da suka wuce.

Masana ba su rufe muhawara ba. Akwai masu cewa sankara ma ta taka rawa, suna kafa hujja da zabaya a Afirka, waɗanda take kamawa tun suna samari. Akwai masu kawo kariyar hanyoyin gumi daga ƙuna. Ni dai bayanin folet ya fi gamsar da ni, saboda shi ne ya taɓa abin da ke cikin mahaifa kai tsaye.

Wata amarya daga Maraɗi: Ina wuni a gona, kuma ina fatan samun ciki bana. Tunda ni baƙa ce, ashe ba na buƙatar ƙwayar folik asid?

Allah Ya kawo masu albarka, amarya. Folik asid folet ne da aka haɗa a ƙwaya, kina buƙatarta, kuma tun yau. Melanin yana tsare folet ɗin da yake cikin jini ne, ba ya ƙera shi. Rumbu komai kyawun jinkarsa, abin da aka zuba a ciki shi za a ɗiba.

Ki bi ni da lissafi, don a nan ne mata da yawa suke makara. A ce al'adarki ta ƙarshe ta zo ranar 1 ga Maris. Ciki zai shiga wajen 15 ga wata. Ba za ki fara zargin komai ba sai 29 ga Maris, da kika ga wata bai zo ba. A daidai waɗannan kwanaki, bayan ɗan tayin yana nan kamar shimfiɗaɗɗen ganye, gefunansa suna tasowa su haɗe su zama bututu, wanda daga gare shi ƙwaƙwalwa da laka za su fito. Bututun yana gama rufewa kwana 28 bayan shigar ciki, wato wajen 12 ga Afrilu. Idan folet ya yi ƙaranci, wani wuri zai iya zama a buɗe. In ta ƙasa ne, sai a haifi yaro da kumburi a gadon baya. In ta sama ne, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa cika, jaririn ba ya rayuwa.

Ba na mantawa da wata baiwar Allah da ta haihu a hannuna. Yarinya ce kyakkyawa, mai cikar gashi, amma da muka juya ta sai ga wani ƙullutu kamar lemon tsami a ƙasan bayanta, fatarsa sirara, ruwa yana tsattsafowa, ƙafafunta ba sa motsi. Uwar ta miƙo min katin awo tana cewa, "Likita, wallahi ban taɓa tsallake magani ba." Gaskiya ta faɗa. Amma ta fara zuwa awo ne ciki yana wata biyar, wata uku da wani abu bayan ƙofar ta rufe. Ba laifinta ba ne, babu wanda ya taɓa gaya mata.

Adadin da ake so shi ne maikirogiram 400 kullum, a fara aƙalla wata ɗaya kafin ciki, in da hali wata uku, a ci gaba har mako 12, sannan a bi abin da aka rubuta a wurin awo. Wadda ta taɓa haihuwar yaro mai wannan larura, da mai ciwon suga, da mai sikila, da mai shan wasu magungunan farfaɗiya, nasu ya fi haka yawa, miligiram 4 zuwa 5, kuma likita ne zai rubuta. Wani babban gwaji da aka wallafa a Birtaniya a 1991 ya nuna ƙwayar ta rage maimaituwar larurar da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ki lura, ragewa ta yi, domin akwai gado da wasu dalilai a ciki. Mai farfaɗiya kuma kada ta daina maganinta da kanta.

Ta wajen abinci, wake, gyaɗa, zogale da alayyahu duk suna da shi. Sai dai folet yana narkewa a ruwa, doguwar wuta kuma tana kashe shi. Alayyahun da aka tafasa har ya yi baƙi aka zubar da ruwan, ya yi asarar kaso mai yawa. A sa ganye daga ƙarshe, a sauke yana kore.

Wani magidanci mazaunin Birtaniya: An gwada ɗana an ce bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa. Me ya haɗa wannan da launinsa?

Malam, wannan shi ne ɗaya ɓangaren labarin. Fata tana ƙera bitamin D ne da nau'in B na hasken altirabayolet, kuma melanin yana tare wannan hasken. A Kano, da take wajen digiri 12 arewa da ikwaita, hasken ya isa ya ratsa baƙar fata har ya yi saura. A Birtaniya, sama da digiri 50, daga Oktoba zuwa Maris kusan babu shi. Shi ya sa al'ummomin da suka daɗe a can fatarsu ta yi haske a hankali: rashin bitamin D yana lanƙwasa ƙashi, har da ƙashin ƙugun mace, haihuwa ta yi wuya.

Ɗanka yana ɗauke da fatar da ta dace da ranar gida. Hukumar lafiya ta can tana ba da shawarar maikirogiram 10 kullum duk shekara ga masu duhun fata, amma tunda gwaji ya nuna ƙaranci, ku bi adadin da likitansa ya rubuta, yakan fi wannan. Idan ka ga ƙafafu suna gwamewa, wuyan hannu ya yi kauri, ko tafiya ta yi jinkiri, ku koma da shi. Ga masu karatu a gida, binciken da aka yi a Jos ya nuna yawancin yaran da ƙashinsu ya lanƙwashe a can ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a abinci ne ya fi jawo musu.

Wata mai shafa man ƙara haske: Shin man yana rage wannan kariyar?

Yana ragewa, 'yar'uwa, domin aikinsa ke nan. Sinadarin haidirokwinon yana toshe hanyar da fata take ƙera melanin, masu sitiroyid suna sirantar da fata har jijiyoyi su fito, wasu kuma akwai makuri, wato zaiba, a ciki, wanda ke lalata ƙoda kuma yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri. Alamar da na fi gani ita ce kumatu su yi ja kamar an ƙona, daga baya su koma baƙi-baƙi mai kaushi wanda ba ya fita da sauƙi, gaɓoɓin yatsu kuma su fi sauran hannu duhu. In kina da ciki ko kina nema, ki ajiye shi. Idan kin daɗe kina shafa mai sitiroyid, ki kawo kwalbar asibiti mu duba abin da ke ciki, mu janye miki shi a hankali, saboda yanke shi farat ɗaya yana iya sa fatar ta ɓarke da ƙuraje.