Shin rufe suna da hoto yana hana son kai wajen tace masu neman aiki?

Tambaya: Malam, ni ce sakatariyar kwamitin ɗaukar ma'aikata a wata makaranta mai zaman kanta a Sakkwato. Mun tallata gurbin akanta guda ɗaya, takardu 140 suka shigo. Wani ɗan kwamiti ya ce a rufe suna da hoto da shekaru kafin mu ba da maki, shugabanmu kuma ya ce mu masu tsoron Allah ne, ba ma buƙatar haka. Wa ke da gaskiya, kuma yaya ake yi?

Amsa: Malama, ɗan kwamitin nan ya fi kusa da gaskiya, ba don ana zargin kowa da rashin amana ba, sai don irin son kan da ake magana a kai yana shiga ne ba tare da mai shi ya sani ba. Wanda aka tara wa takardu masu yawa ba ya karanta kowace har ƙarshe. Idonsa yana fara sauka a kan suna da hoto, zuciyarsa ta yanke hukunci, sannan ya bi sauran shafin yana neman abin da zai gaskata hukuncin.

An gwada wannan a aikace. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, an aika takardun bogi kusan 5,000 ga masu tallar aiki a Boston da Chicago, ana sauya sunayen da ke kansu kawai. Masu sunayen fararen fata sun samu kira a kusan takarda ɗaya cikin goma, masu sunayen baƙaƙen fata kuwa ɗaya cikin goma sha biyar. A Jamus, inda aka saba liƙa hoto kamar yadda muke yi, Doris Weichselbaumer ta aika takardun mace guda da hoton fuska guda: da sunan Jamusawa an kira ta a kusan kashi 19 cikin ɗari, da sunan Turkawa kusan kashi 14, da aka ƙara mata kallabi a hoton sai ya faɗo zuwa kusan kashi 4. Waɗannan alƙaluma na ƙasashensu ne, amma hanyar da abin yake bi ba ta da ƙasa.

A wurinmu suna yana faɗin fiye da abin da yake faɗi a can, domin da yawa daga cikinmu sunan garinsu ne cikon sunansu. Da zarar an ga Wurno ko Gwadabawa ko Tambuwal a ƙarshen suna, an san ƙaramar hukumar mutum, wani lokaci har gidansu, kuma sunan farko ya riga ya bayyana jinsi da addini da ƙabila. Shekaru ma suna da nasu tarkon. Ƙa'idar cewa kada mai nema ya wuce shekara 27, wadda ake kwafa daga talla zuwa talla ba tare da an tambayi dalilinta ba, tana zubar da wanda yajin aikin malaman jami'a ya tsare, irin na wata takwas da aka yi a 2022, da matar da ta dakata don aure da goyo sannan ta koma karatu. Babu ɗaya daga cikinsu da hakan ya rage wa iya lissafi.

Ga yadda zan shawarce ku ku bi da takardunku. Kafin a buɗe ko ɗaya, kwamiti ya zauna ya rubuta ma'aunin maki, kuma a ganina wannan ya fi rufe sunan kansa muhimmanci, domin idan babu ma'auni, mai ba da maki zai samo wani abin da zai jingina son ransa a kai. Misali, a ware maki 20: takwas ga gogewa a riƙe littafin kuɗi da biyan albashi, biyar ga shaidar karatun akanta, huɗu ga iya aiki da manhajar lissafi, uku ga sanin harajin albashi da fansho. A fayyace kowane mataki, a ce wanda ya yi shekara uku ko fiye yana haɗa albashi da kansa zai samu takwas, wanda ya taimaka wa wani kawai zai samu huɗu.

Daga nan sai ke, da yake ba za ki ba da maki ba, ki ba kowace takarda lamba, ki kwafe abin da ya shafi aikin kaɗai zuwa fom iri ɗaya, ki kulle asalin takardun da jerin lambobin. Kwafewa ta fi shafewa da baƙin alƙalami aminci, musamman a fayil ɗin PDF, inda sau da yawa rubutun yake nan a ƙarƙashin baƙin layin, sunan fayil ɗin ma yakan kasance sunan mai shi. A nan ne yawancin masu wannan aiki suke tuntuɓe: sun rufe suna, sun bar adireshin imel mai ɗauke da suna da shekarar haihuwa, sun bar unguwa, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da sunan makarantar 'yan mata da aka yi, da sunayen manyan da suka tsaya wa mutum. Shekarar gama sakandare tana tona shekaru, haka ma takardar yafe hidimar ƙasa, wadda ake ba wanda ya gama karatu bayan ya haura 30. Maganin shi ne a mayar da kwanan wata zuwa tsawon lokaci: maimakon "daga 2015 zuwa 2021", a rubuta "shekara shida", a gurbin hidimar ƙasa kuma a rubuta "ya cika sharaɗi".

Mutum biyu su ba kowane fom maki, kowa shi kaɗai, ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. Idan fom mai lamba 57 ya samu 16 a hannun ɗaya da 11 a hannun ɗayan, tazarar ta wuce maki uku, sai a miƙa wa na uku. A zaɓi goma na sama, a sa hannu a kan jerin, sannan a buɗe sunaye. Idan kina son shugaba ya gani da idonsa, ki ware takardu talatin da ba a rufe ba, wasu mutum biyu dabam su auna su da ma'aunin nan, a kwatanta da makin da aka ba su a rufe. Idan na mata ko na baƙi ko na masu manyan shekaru ne suke sauka duk lokacin da aka ga suna, kun gano inda ɓarakar take.

Sai dai kada a ɗora wa wannan hanya abin da ba za ta iya ɗauka ba. A gwajin da gwamnatin Ostireliya ta yi a 2017, rufe suna ya ɗan rage damar mata, domin ma'aikatan da aka gwada sun riga sun saba fifita su idan sun ga sunan. Saboda haka idan makarantarku tana neman ƙara yawan mata da gangan, sai a rubuta wannan a fili a matsayin manufa, a yi aiki da ita bayan an gama ba da maki. Rufewar kuma tana ƙarewa ne a ƙofar ɗakin ganawa, inda za a ga fuska a ji harshe. Don haka ku yi wa mutum goman nan tambayoyi iri ɗaya a jere ɗaya, ku ba su gwajin haɗa albashin malamai goma sha biyar cikin minti 45, a duba amsar da lamba ba da suna ba, kuma duk ɗan kwamitin da ya tarar da ɗan'uwansa ko surukinsa a cikinsu ya fita har a gama da shi.