Kebul ɗin caja yana zafi, mai gyara ya ce zai yanka ya haɗa min da wata caja: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a nan Katsina, laftof ɗina mai cajar USB-C ce, wat 65. Kebul ɗin ya tsinke na sayi wani mai araha. Yanzu sai ta kama caji ta saki, bakin kebul ɗin kuma yana zafi. Mai gyara ya ce zai yanke bakin ya haɗa da tsohuwar caja mai bolt 19, wai wuta duk wuta ce. Duk aikin furojet ɗina yana ciki, tsoro nake ji kada ta ƙone.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka bari ya yanka, kuma ka cire wannan kebul ɗin yau ɗin nan. Alamun da ka faɗa na kebul ne, da wuya a ce laftof ɗinka ta samu matsala tukuna.

Tsohuwar caja mai zagayayyen baki ba ta tambayar kowa komai, da ka jona ta a soket bolt 19 na tsaye a bakinta. Cajar USB-C kuwa sai an yi ciniki take sakin wuta. Idan ba a jona mata komai ba, ka sa mita a bakin kebul ɗin za ka ga sifili. A cikin haƙora 24 da ke ramin USB-C akwai biyu da ake kira CC1 da CC2. Laftof tana da rezista, wato ɗan abin da ke turje wa wuta a hanya, mai kilo-om 5.1 a kansu, to da caja ta ji nauyin wannan rezista sai ta gane an zo, ta saki bolt 5 kawai, wanda ba ya cutar da kowace na'ura.

Daga nan ake fara magana ta kan layin CC ɗin. Caja ce ke fara baje kolinta da saƙon `Source_Capabilities`, wato jerin nan da ke rubuce da ƙananan baƙi a bayanta: `5V/3A`, `9V/3A`, `15V/3A`, `20V/3.25A`. Laftof ta zaɓi wanda ya yi mata ta aika `Request`. Caja ta ce ta sallama da `Accept`, ta ɗaga wutar zuwa bolt 20, idan ta daidaita ta aika `PS_RDY`. Sai a lokacin laftof ke buɗe ƙofarta ta fara jan wuta sosai. Shi ya sa babbar caja ta gaskiya ba ta ƙona wayar hannu: waya ta nemi bolt 5 ko 9, abin da za a ba ta ke nan.

Kebul ma yana da baki a cinikin. A ƙa'ida duk wanda zai ɗauki fiye da amfiya 3 sai an sa masa ɗan ƙaramin cif a cikin bakinsa, wanda ake rubutawa `E-Marker` a kwali. Caja tana tambayarsa iya ƙarfinsa, idan ba ta ji amsa ba sai ta tsaya a amfiya 3, wato wat 60 a bolt 20. Ga laftof irin taka wannan ƙaramar asara ce, wat 5 kacal. Mai laftof ɗin wat 100 ne zai ji a jikinsa.

Matsalarka tana wurin jan ƙarfen da ke cikin kebul ɗin. Ƙa'idar USB-C ta yarda wuta ta ragu a hanya da rabin bolt a layin da ke kai ta, da rubu'in bolt a layin da ke dawo da ita. Mu ɗauka kebul ɗinka siriri ne, turjiyar da yake yi wa wuta zuwa da dawowa rabin om ce. A amfiya 3, bolt 1.5 ya zube a hanya, ninki biyu na abin da aka yarda, kuma wat 4.5 ya koma zafi. Idan haɗin bakin ne ya yi sako-sako, a nan zafin zai taru, kuma shi ne abin da yatsanka ke ji. Saƙonnin CC kuma da wannan layin dawowar ake auna su, don haka idan ya zubar da wuta fiye da kima maganar na iya dagulewa. Haka idan bakin ya ɗan motsa layin CC ya yanke, caja za ta ɗauka an zare ne, ta kashe wutar, a sake ciniki daga bolt 5. Kamawa da sakin da kake gani ke nan.

Yanzu ga maganar "wuta duk wuta ce", wadda kunnena ya gaji da ita. Wanda ya yanke bakin USB-C ya liƙa a caja mai bolt 19 ya cire cinikin nan gaba ɗaya. Laftof da yawa ba za su ma karɓi wutar ba tunda babu wanda ya yi musu magana, ka ga ka biya kuɗin aiki a banza. Amma bakin yana nan da bolt 19 a kansa dare da rana, kuma kamarsa ɗaya da na kowace cajar waya. A ɗakin ɗalibai wa ke neman izini kafin ya jona? Wani zai shigo ya ga baki a ƙasa ya soka a wayarsa, ko fawa-bank, ko 'yar fitilar caji da aka gina don bolt 5.

Ita kanta laftof ɗin ba ta tsira ba. Haƙorin da ke ɗauke da wuta maƙwabcin na CC ne, rabin milimita ne daga wannan zuwa wancan. A caja ta gaskiya lokacin da kake sokawa babu wuta a bakin. A ta haɗin gambiza kuwa wutar tana nan, ka soka a karkace ko rami ya ɗan buɗe, sai bolt 19 ya taɓa layin da aka yi don 'yar ƙaramar wuta. A damina da ta wuce wata malamar makaranta ta kawo min tata daga Daura, an yi mata irin wannan haɗin an naɗe da baƙin salatif. Da na buɗe, cif ɗin da ke kula da cinikin caji ya kumbura, da ɗan rami a tsakiyarsa kamar an huda da allura, yana warin ƙuna. Sai da muka yi makonni muna neman irinsa, ga jarrabawar ɗalibanta a ciki. Wanda ya yi mata aikin ya ce mata wutar nefa ce ta yi yawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin dukiyar da aka damƙa maka amana ce, kuma faɗin "wannan ba fannina ba ne" bai taɓa rage wa mai sana'a daraja ba.

Ka nemi kebul mai bakin C a kai da kai, wanda aka rubuta `60W` ko `100W` a jikinsa ko kwalinsa, tsawonsa mita ɗaya ko biyu. Mai faffaɗan bakin USB-A a gefe ɗaya ba zai yi ba, tunda babu layin CC da ke isa caja ta nan, laftof ba ta da hanyar neman bolt 20. Rubutun kwali ma ana ƙaryarsa, saboda haka ka tafi da laftof ɗin da kan cajar shago, batir ya yi ƙasa don ta ja wuta sosai. Idan mai shagon yana da 'yar mitar USB-C da ake sawa a tsakani, za ka ga bolt 5 ya fito, nan da nan ya haye kusan 20 ya tsaya cak. Ka bar ta minti goma, ka taɓa bakin: ɗumi kaɗan ba komai, amma idan ba ka iya riƙe shi ba ka mayar masa. Ka ɗan girgiza bakin a hankali ka ga ko cajin zai yanke.

Idan kebul mai kyau ma ya riƙa saki, ka kashe laftof ɗin ka haska cikin ramin da tocila. Ƙurar hunturunmu tana dunƙulewa a ƙasansa ta hana baki shiga har ƙarshe. Ka fito da ita a hankali da siririn tsinken sakace, ban da allura ko fil. Kafin duk wannan, yau da daddare ka kwafe furojet ɗinka a filashi.